Asabar: turmi nawa ke riƙe shago?

Yau bayan azahar na zauna da littafin cinikin shagon atamfar ƙanena. Tambaya ɗaya muka sa a gaba: turmi nawa zai sayar a wata kafin a ce shagon ya ci da kansa, ba riba ba faɗuwa. Shi a lissafinsa 18 ne. Yana saro turmi a Kantin Kwari kan naira 8,500, yana faɗa wa mai saye 11,000, sai ya ɗauka ribar kowanne 2,500 ce. Hidimar wata kuma ya ƙiyasta ta 45,000. Rabawar daidai ya yi, amma duka alƙaluman biyu da ya raba ba su ne na gaskiya ba.

Mun fara da kuɗin da dole ya fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Yaron shago yana karɓar 25,000. Wuta da fetur ɗin janareto suna cin kusan 12,000, maigadin layi 3,000, kati da data 3,000, harajin ƙaramar hukuma kuma idan aka baza shi a kan watanni ya kama 2,000. Nan ya sami 45,000 ɗinsa. Abin da ya tsallake shi ne haya, kuma na gane dalili. A nan Kano shekara ake biya gaba ɗaya, to da zarar mutum ya miƙa wa mai shago kuɗinsa sai ya manta da zancen har wata goma sha ɗaya, ya riƙa jin kamar a kyauta yake zaune. Hayarsa 360,000 ce, wato kowane wata yana cinye 30,000 daga ciki ko da ba wanda ya zo ya karɓa. Da ita jimillar ta koma 75,000. Duk wani kuɗi da ake biya shekara-shekara haka ake yi masa, a raba shi gida 12 a ɗora wa kowane wata kasonsa.

Sai ɓangaren da ya fi cin lokaci, kuɗin da ke bin kowane turmi. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: idan ba a sayar da turmin ba, kuɗin zai fita? In ba zai fita ba, to na turmin ne. Sari 8,500 ne. Ɗan dako da adaidaita daga kasuwa zuwa shago suna cin 4,000 a kan turmi 20, kowanne ya ɗauki 200 ke nan. Leda 50. Yawancin masu saye turo kuɗi suke yi, shi kuma tsaba yake tafiya da ita sari, don haka cajin mai POS ya kama kusan 100 a kan turmi. Turmi ɗaya ya tsaya masa 8,850 kafin ya bar shagon.

Farashin sayarwa kuwa ba wanda ake faɗa da baki ake ɗauka ba. Na ce ya buɗe littafi mu tara abin da aka karɓa a watan da ya wuce, mu raba da yawan turamen da suka fita. Ba kasafai ake biyan 11,000 cif ba. Ana tayawa, ana cewa albarka, a ƙarshe a sallama a 10,500 ko 10,000, ga kuma 'yan turamen da zanensu ya daina yayi aka karyar da su don kuɗin ya dawo. Da aka haɗa duka, turmi ya faɗo 10,350. Cire 8,850, saura 1,500. Wannan 1,500 ɗin ba riba ba ce tukuna. Gudummawar da kowane turmi ke bayarwa ce wajen biyan haya da albashi da wuta, kuma sai ta cike 75,000 sannan abin da ya biyo baya ya zama riba.

75,000 ÷ 1,500 = 50

Turmi 50 ke nan, ba 18 ba. Na sa ya gwada ta ɗaya hanyar don ya natsu: turmi 50 a kan 10,350 ya ba da 517,500, kuɗin da ya bi su 442,500, tsakaninsu 75,000 daidai. Yana buɗe shago kusan kwana 26 a wata, saboda haka ranar da bai sayar da turmi biyu ba, wata ranar ce za ta biya mata. A watan jiya 62 ya sayar. Goma sha biyun da suka haura ne kaɗai suka kawo riba, 18,000 ke nan a wata guda.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, to ai kullum akwai kuɗi a aljihun tebur." Akwai, amma kuɗin haya ne da ba a ware ba da kuma uwar kuɗi. Alamar wannan matsala sananniya ce: ciniki na tafiya, kanta kuwa tana ramewa, sarin da ake yi na turmi 30 ya koma na 20, in lokacin haya ya zo sai an ci bashi.

Abin da na fi so ya gani shi ne nauyin rangwame. Yana yawan kukan cewa za a ƙara masa haya zuwa 480,000. Muka lissafa: hidimar wata za ta koma 85,000, a raba da 1,500 ya ba da 56 da ɗoriya, a cike shi 57, domin ba a sayar da gutsuren turmi. Ƙarin turmi bakwai ne. Amma idan ya saba rage 500 a kowane turmi don kada mai saye ya wuce maƙwabta, gudummawar ta sauko 1,000, sai ya sayar da 75 kafin ya tsira. Ƙarin 25 ke nan. A idon mai ciniki 500 a cikin 10,350 ba komai ba ce, alhali sulusin abin da ke riƙe shagon ce. Haka nan idan sari ya tashi da 500 shi kuma bai motsa farashinsa ba. Shi ya sa a lissafi ake sa kuɗin da za a sake saro turmin a yau, ba wanda aka saro shi wata biyu baya ba.

Bashi ma na ce kada ya ƙirga shi a cikin 50 ɗin sai ranar da kuɗin ya shigo. Turmin da aka ɗauka da alƙawarin ƙarshen wata bai biya wa kowa haya ba, ya ma tafi da 8,850 na jari.

Daga ƙarshe muka taɓo guminsa shi kansa. A lissafin 50 ɗin mai shago aikin banza yake yi. Idan zai riƙa ɗaukar 60,000 don cefanen gida, hidimar ta zama 135,000, turamen kuma 90, wajen uku da rabi a rana. A watan azumi da gab da babbar salla yana wuce haka nesa, bayan salla kuwa ko 50 da ƙyar, don haka rarar waɗancan watannin ba ta ci ba ce duka.

Kafin magariba ya ja layi biyu a littafin, ɗaya na kuɗin da aka karɓa a zahiri, ɗaya na turamen da aka biya. Ya kuma amince daga wannan wata zai riƙa ware 30,000 ta haya a wani asusu daban. Shadda da leshi da yake son ƙarawa mun bar su sai ya kawo farashin sarinsu, tunda kowanne da tasa gudummawar.