Tarin da mura ta bari a baya

Shekaranjiya da yamma ɗan yayata da ke koyon ɗinki a shagona ya tsayar da keke ya ce, "Kawu, a taimaka min da kuɗi in karɓo maganin tari a kemis." Kwalba ta uku ke nan. Murar ta sake shi tun kwana goma sha shida da suka wuce, zazzaɓi da ciwon jiki sun tafi, amma tarin yana nan, busasshe, mai taso masa da zarar ya yi dariya ko ya shaƙi ƙurar yadi. Na ce gobe za mu je a gwada kakinsa. Ya ce, "Haba Kawu, ragowar mura ce kawai." Gabana ya faɗi, domin da wannan maganar na kusa halaka 'yata.

Sau biyu tari ya bi ni bayan mura, kuma na farkon ne ya yaudare ni. A wani hunturu na yi mura mai zafi, na warke cikin mako guda, tarin ya zauna mako shida. Na sha kafso kala-kala daga kemis, rannan na wayi gari ya tafi, na ɗauka maganin ne ya kore shi. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da ni abin da ya faru. Cikin hanyoyin numfashi akwai wata fata mai laushi da ke ɗauke da ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura zuwa sama. Ƙwayar mura tana ɗaye wannan fatar, ta bar jijiyoyin da ke ƙarƙashinta a tsiraice. Ƙwayar tana mutuwa cikin kwanaki, amma fatar sai ta yi makonni kafin ta koma yadda take. A wannan tsakanin iska mai sanyi, hayakin itace, hayakin maganin sauro, turaren wuta, har doguwar magana, duk suna isa su tayar da tari. Ga majinar hanci da ke gangarowa maƙogwaro idan mutum ya kwanta, shi ya sa dare ya fi wuya. Irin wannan tarin yakan ɗauki mako 3 zuwa 8, yana raguwa a hankali, kuma antibayotik ba ya yi masa komai, domin babu bakteriyar da zai kashe. Kuɗina kawai na zubar.

Bayan shekara uku na sake yin mura, tari ya sake zama. Na ce ai na san shi. Ba zan ce ban da hujja ba: azumi ya gabato, ɗinkin sallah ya cika shago, ina da yara biyar a ƙarƙashina da iyali a gida, kuma zuwa asibiti yini guda ne cur a kan layi. Wa zai rufe shago saboda tarin da ya taɓa yi ya warke? Har yau idan na tuna nakan ce kowa ma haka zai yi. Amma a raina na san wannan tarin ba irin wancan ba ne. Wancan kullum raguwa yake, wannan kuwa ƙaruwa. Ya fara fitar da kaki. Da la'asar sai jikina ya ɗau ɗumi, cikin dare in farka rigata ta jiƙe sharkaf da zufa ko da ana sanyi. Abinci ya fita a raina. Ni tela ne, na san awon ƙuguna kamar sunana, kuma da hannuna na rage wa wandona inci biyu ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji a ce tarin fuka ne, maƙwabta su daina haɗa kwano da ni, masu kawo ɗinki su gudu.

Mai kemis ya ba ni wani antibayotik da ake kira sifro, na sha, na ji sauƙi na kusan mako biyu, na ƙara samun abin kafa hujja. Ashe wannan maganin yana taɓa ƙwayar tarin fuka kaɗan, ya kwantar da alamun ba tare da ya kashe ta ba, ya kuma iya koya mata jure magani. Wata huɗu na yi a haka. Ranar da na tofa kaki a tsumman yadi fari na ga zaren jini a ciki, ranar na tafi. Suka ba ni 'yar roba mai murfi na tofa, sakamako ya nuna tarin fuka. Mura ba ta zama tarin fuka, ƙwayoyinsu daban ne, amma farkonsa yakan ɓuya a bayanta. Aka ɗora ni a kan magani na wata 6, haɗin magani huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran wata huɗun, fitsarina ya koma ja-ja kamar yadda suka gargaɗe ni. Ban biya ko kwabo ba.

Sai suka ce a kawo mutanen gida. 'Yata mai shekara huɗu, wadda ke kwana a ɗakinmu, ta ɗauka. Ita ko tarin kirki ba ta yi, ramewa kawai take tana ƙin wasa, muna cewa shawara ce. Wata shida uwarta tana narka mata magani kowace safiya kafin karin kumallo, tana kuka tana sha. Ta warke, alhamdulillahi. Ni dai ban gama yafe wa kaina ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma abin bai wuce wannan ba. Idan tarin bayan mura busasshe ne, yana raguwa mako bayan mako, kana cin abinci, ba zazzaɓi, to ka ƙyale shi. Sha ruwan ɗumi da zuma, ban da jaririn da bai shekara ba, shi ba a ba shi zuma. Rufe hanci a cikin ƙura, fitar da hayaki daga ɗakin kwana, bar kafso.

Na ce ka ƙyale shi, amma kada ka ƙyale shi ya wuce mako 2 ba ka kai kaki an gwada ba. Na san maganar kamar tana karo da juna. A ƙasar da tarin fuka bai yawaita ba likita zai iya cewa a jira, mu a Najeriya muna cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya, shi ya sa ƙa'idar hukumar lafiya take mako biyu. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma akwai layin 3340 da ake kira kyauta a tambayi cibiya mafi kusa. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau kada ma ya jira mako biyun.

Akwai kuma abin da ba a kwana da shi: jini a kaki, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji idan an ja iska, ko zazzaɓin da ya tafi sannan ya dawo da ƙarfi bayan 'yan kwanaki, wanda sau da yawa nimoniya ce ta biyo bayan mura. A nan antibayotik yana da aiki, amma likita ne zai zaɓa. Idan gwaji ya fito lafiya, tarin kuma ya haura mako 8, a koma a duba asma ko ƙwannafi.

Abin da ke ƙona min rai da ku yaran yanzu, za ku kwana kuna latsa waya, amma yini guda a asibiti ya gagare ku. Wasunku ma ba tarin ne ke kai su ga kwalbar ba, duk da tun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Ni jahilci da tsoro ne suka ci ni, ku kuwa kun ji a rediyo, kun gani a waya.

Jiya da safe na rufe shago na kai yaron da kaina, yana ta ƙunƙuni a bayan babur. Yau sakamakon ya fito, babu tarin fuka. Sun ce idan ya fara ramewa ko zufar dare, ko tarin ya kai mako takwas, ya dawo. Na sayo masa zuma, na mayar da kekensa bakin ƙofa inda iska ke shigowa, na kuma ja layi da alli a bango, a kan ranar da makon na takwas zai cika.