Kwana uku bayan cire haƙori, ciwon ya dawo

Haƙorin can ƙurya na ƙasa, ɓangaren hagu, shi aka cire mini, kuma da kyar ya fita, sai da likita ya raba shi biyu. Ya danna mini auduga a wurin ya ce in cije na kusan rabin awa, kada in kurkure baki, kada in yi ta tofar da yawu, kada in sha taba. Na ce to. Ina isa gida ƙarnin jini ya dame ni, na cika baki da ruwa na kurkure da ƙarfi har sau uku. Da daddare kuma na kunna sigari, ina ce wa kaina ai kara ɗaya ba ya komai.

Washegari lafiya lau, ciwon ma ya fara sauka. A rana ta uku ne ya juyo. Wani irin zogi ne mai bugawa daga cikin ƙashin muƙamuƙi, ya bi ya shige kunne, ya hau har gefen ido. Farasitamol bai ko girgiza shi ba. Na sha ruwan sanyi, sai da na dafe bango. Ga ɗanɗano marar daɗi da ya ƙi barin harshe, ga warin da matata ta fara ji kafin ni. Da na haska wurin a madubi, ban ga baƙin gudan jinin da na gani ranar farko ba. Rami ne kawai, a ƙasansa wani abu fari-fari.

Likita yana leƙawa ya ce, "Malam, ka sha taba ko?" Ban musa ba. Ya ce abin da suke kira dirai soket ne, wato gurbin haƙorin ya zama fanko. Idan aka cire haƙori, jini yakan taru a gurbin ya daskare, kuma wannan gudan jinin shi ne murfin da ke rufe ƙashi da jijiyoyin wurin, a kansa ne sabon nama ke tofowa. In ya fice ko ya narke da wuri, ƙashin ya zauna a buɗe, iska da ruwa da abinci duk suna taɓa shi. Farin abin da na gani ƙashina ne.

Kurkurar da na yi tana iya ɓamɓare gudan. Taba kuwa ɓarna biyu take yi: zuƙar tana jan gudan, nikotin kuma yana matse hanyoyin jini, wurin ya rasa isasshen jinin warkewa. Amma ba kullum laifin mai haƙorin ba ne. Ya fi samun haƙoran ƙurya na ƙasa, musamman waɗanda aka sha wuya wajen cire su, da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda ya taɓa yinsa a baya. A cirar haƙori ta yau da kullum, kamar mutum 2 zuwa 5 cikin 100 ne ke gamuwa da shi.

Na zaci zai rubuta mini antibayotik. Ya taɓa kuncina, ya tambaya ko ina zazzaɓi. Babu kumburi, babu mugunya, babu zazzaɓi, don haka ya ce babu bukata, sai in waɗannan sun bayyana. Ya ɗauki hoton wurin ya tabbatar ba a bar guntun saiwa ba. Sannan ya wanke gurbin da ruwan gishiri ta sirinji, tarkacen abinci ya fito. Wannan wankin ya yi zafi, ba zan ɓoye ba. Daga nan ya cusa wani ɗan magani mai kama da zare, mai ƙamshin kanumfari, domin akwai sinadarin mansa a ciki, yujinol, da ke kashe raɗaɗi. Kafin awa ɗaya ta cika, bugun ya lafa, na yi barcin da na kwana biyu ban yi ba.

Abin da ban fahimta ba da farko shi ne maganin cusawar ba ya warkar da ramin, ciwo kawai yake dannewa har nama ya rufe ƙashin da kansa. Shi ya sa bayan kwana biyu zogin ya fara leƙowa, na koma aka wanke aka sa sabo. A gida ina shan ibufurofen da farasitamol yadda ya tsara, ina kuma zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, in riƙe a baki, in karkata kai a hankali, in bar shi ya zubo ba tare da na tofar ba.

Wajen kwana tara ciwon ya tafi, ramin kuwa ya ɗauki makonni kafin ya cike. Da aka zo cire na dama bayan shekara ɗaya, tun kafin likita ya ɗauko allura na gaya masa na taɓa yin dirai soket, kwalin sigarin kuma na damƙa wa matata ta ɓoye na mako guda.