Yadda muka gwada intabiyu ni da abokina, da yadda muka gyara ba da maki

Zaman farko da muka yi gaskiya ɓata lokaci ne kawai. Ya yi min tambayoyi, na amsa, ya ce wallahi ka yi ƙoƙari, 9 cikin 10, ni ma da nawa juyin ya zo na ba shi 9 saboda ina jin nauyinsa. Muka tashi ba wanda ya san inda ya gaza.

Kafin zama na biyu sai muka ɗauko sanarwar aikin da kowa ke nema, muka ciro abubuwa 4 da za a duba: ya amsa abin da aka tambaya ko ya kauce, ya kawo misali na gaske, ya faɗi sakamako, ya tsaya cikin minti 2. Kowanne maki 1 zuwa 5, kuma muka rubuta ma'anar makin tun ba a fara ba, wannan shi ne ya fi komai amfani. A wajen misali, 1 shi ne babu misali sam, 3 akwai misali amma ba a gane rawar da kai ka taka ba, 5 an ji matsalar an ji abin da ka yi da hannunka.

Tambayoyi ma mun raba, kowa 6 nasa daban amma masu nauyi ɗaya, don in iri ɗaya ne wanda ya zo na biyu ya riga ya ji komai ya shirya amsa a ransa. Muka jingine waya tana rikodin.

Ya tambaye ni lokacin da na samu saɓani da abokin aiki da yadda na warware. Na yi ta bayani ina jin na burge. Ƙa'idarmu ita ce bayan kowace amsa kowa ya rubuta makinsa shiru, mai amsa ma ya ba kansa, ba a nunawa sai an gama, in ba haka ba maki ɗaya mara daɗi zai rikita maka sauran amsoshin. Da muka buɗe takardu na ba kaina 4 a misali, shi ya ba ni 3, a sakamako kuma 1. Raina ya ɗan sosu, na ce malam ina hujjarka? Ya mayar da rikodin baya. Minti 3 da rabi ina ta "muka zauna, muka tattauna", ban taɓa faɗin me ni na yi ba, kuma ban ce ga yadda aka ƙare ba. Ya ce abokina, wanda bai san ka ba me zai riƙe a nan?

Tun daga nan muka sa doka, duk makin da ba ka da kalmar da mutum ya faɗa a rubuce kusa da shi a soke shi, ko mai yawa ne ko kaɗan. Na sake amsar a take, minti 1 da sakan 50, na ƙare da cewa mun raba aikin gida biyu an miƙa rahoton ranar da aka sa. Ya ba ni 4 a misali, ya ce har yanzu ban nuna wane ne ya kawo shawarar rabawar ba.