Wata Shida da Littafin Kuɗin Mota: Inda Na Kai

'Yan uwa masu koyon lissafin kuɗin da mota ke ci, yau wata shida ke nan da na ajiye ƙaramin littafi a cikin motata, Corolla ƙirar 2005 da na saya ta hannu a nan Kano. Da can idan aka tambaye ni nawa take ci a wata, kuɗin mai kawai nake faɗa. Littafin ya nuna mini ba haka abin yake ba.

Na fara da mai. Kada ku dogara da allurar tanki, ba ta faɗin gaskiya, musamman a tsohuwar mota. Abin da na yi shi ne na cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, na mayar da TRIP, wato ma'aunin kilomitan tafiya da ke allon mota, sifili, na ci gaba da zirga-zirgata. Da na koma gidan man nan na sake cikawa, lita 40 ta shiga, TRIP kuma na nuna kilomita 360. Ke nan lita ɗaya tana kai ni kilomita 9 a cikin gari, da cunkoso da komai. Sau uku na maimaita kafin na yarda. Ina yin kusan kilomita 1,000 a wata, wato wajen lita 111, a naira 900 da na saya ya kama naira 100,000. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, shi ya sa nake rubuta yawan lita dabam, kuɗi dabam. In farashi ya canja, lamba ɗaya kawai zan gyara.

Wurin da na fi daɗewa shi ne taya, domin nan na yi asara ina ganin sauƙi na samu. Bayan na sayi motar na sa mata tayoyi huɗu na hannu, kowace naira 25,000. Wata goma suka yi, biyu suka kumbura a gefe, sauran suka tsattsage. Naira 100,000 a wata goma, 10,000 ke nan duk wata, ban da kuɗin mai faci. Sababbi kuwa na saye su 60,000 kowace, jimla 240,000. Na ƙiyasta za su yi kilomita 40,000, wato wata arba'in a irin tafiyata, sai ya zama 6,000 a wata. Ashe mai tsadar ce mai arahar. Wani mai faci ne ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Waɗancan da suka kumbura sun tsufa tun kafin su zo hannuna, ko da yake zanensu da sauran kyau.

Juyen baƙin mai ba ya da wuyar lissafi. Duk kilomita 5,000 nake yi, galan na lita huɗu da filta da kuɗin aiki 30,000, a raba wata biyar, 6,000. Inshora irin wadda doka ta wajabta, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce a shekara tun farkon 2023, wato 1,250 a wata. Ku lura, ba ta gyara motarka kai. Da na haɗa da sabunta sauran takardu, na ware 3,000.

Gyara ne har yanzu bai zauna mini ba. A wata shidan nan na canja shokozoba biyu na gaba da na sayo a Ƙofar Ruwa, da takalmin birki, da batir, da famfon mai da ya tsayar da ni a hanyar Zariya. Duka da kuɗin bakanike 180,000, wato 30,000 a wata. Sai dai wata biyu cur ban kashe ko sisi ba, wata ɗaya kuma ya cinye 95,000 shi kaɗai. Batir ma ba duk wata shida ake saye ba, don haka lambar na iya sauka, ko ta hau in giya ta taɓu. Sai littafin ya cika shekara zan amince da ita.

Jimla dai 145,000 a wata, wato naira 145 duk kilomita ɗaya. Dubu arba'in da biyar ɗin da suka ƙaru a kan kuɗin mai yanzu ina cire su ranar albashi in ajiye gefe, ko mota ta nemi gyara ko ba ta nema ba. Wata mai zuwa zan auna tanki ɗaya da na'urar sanyi a kunne, ɗaya a kashe, in kawo muku bambancin a lita.