Yadin hijabi da bakin murhu

Ni tela ce a nan Damagaram, keke uku gare mu, hijabi da zane da riga muke ɗinkawa. Duk yadin da na sawo a Kasuwar Dole sai na yanki ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, in riƙe shi da almakashi bisa kwanon ruwa in ƙyasta mishi ashana kafin a soma yanka.

Abin da ya sa nike haka, wata hunturu ce aka kawo min ɗiyar maƙwabciyarmu, tana suyar awara iska ta kaɗa gefen hijabinta cikin wuta. Ba wani babban harshen wuta aka gani ba, yadin ne ya narke ya manne mata a hannu kamar leda, uwar kuwa garin ruɗewa ta ɓamɓare shi ya tafi da fata. Wallahi har yau ina ganin hannun nan. Da ruwa mai sanyi aka yi ta kwarara mata kamar minti 20, a bar abin da ya manne sai an je likita, da abin bai kai haka ba.

Yadin roba, su foliyesta da nailan, da ya ji wuta sai ya janye ya dunƙule ya riƙa ɗiga, foliyesta har da baƙin hayaƙi, in ya huce sai ki ga ɗan ƙullutu mai tauri da ba ya murzuwa. Auduga ba ta narkewa amma kar a ce ba ta ci, tana kamawa da sauri, warinta kamar an ƙona takarda, tokarta laushi. Kuma ko kin kashe harshen, jan wuta na nan yana cin bakin ƙyallen a hankali, shi ya sa zanen da ya taɓa garwashi ba a ninke shi a aje bisa katifa sai an jiƙa wurin. Ulu na gaske shi ne mai wuyar kamawa, yana warin ƙonannen gashi ya mutu da kanshi, sai dai yawancin rigunan sanyi na gwanjo akirilik ne, shi ko yana ci yana narkewa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gauraye, auduga da roba tare. Audugar ta zama kamar lagwani ta riƙe wutar, robar na narkewa a kanta, ba ta samu ta ɗige ta faɗi.

Don haka in mace ta ce min na girki take so, atamfar auduga mai kauri nike ce mata ta kawo, in yi hannun riga ya tsaya a gwiwar hannu, ban da baza. Jiya wata ta ce ai hijabin ya fi rufe jiki, na ce Hajiya ɗaura kallabi ki ɗaure zanenki tam, hijabin ki rataye a ƙofar madafa har ki sauke tukunya.