Sallama ta imel: ranar da na bar aikina na farko a Leeds

Imel ɗin sallama na farko da na taɓa gani ba nawa ba ne, na wata mata ce da na gaji kujerarta. Sati biyu kacal muka yi tare tana nuna min aiki a sashen biyan kuɗi na wani kamfanin dakon kaya a Leeds, ranar wata Juma'a da safe sai ga saƙo ya shigo wa kowa: yau ce ranarta ta ƙarshe, ga wanda za a tuntuɓa kan kaza, ga wanda za a tuntuɓa kan kaza, ta gode, a ci gaba da zumunci. Layi goma bai kai ba. Matar da ta shekara bakwai a wurin fa. Na ce a raina kai, mutanen nan ba su da kara wallahi, mu a Zariya ko canjin ofis aka yi wa mutum sai ya bi ɗaki ɗaki yana sallama yana neman yafiya, a yi addu'a a shafa, wani lokacin har da 'yar walima da lemo da cincin. Ita ko ƙarfe biyar ta ɗauki kofin shayinta da katin da muka sa wa hannu ta yi gaba.

Litinin na zagayowa aka kira waya daga wani kamfanin taya, wai kuɗinsu ya wuce kwana talatin ba su ga komai ba, ni kuma ko sunansu ban taɓa ji ba, gumi ya karyo min cikin sanyin nan. Imel ɗin nan da na raina shi na koma na buɗe, sai ga shi ta rubuta cewa maganar masu taya tana hannun manajan gareji sabo da akwai saɓani kan yawan kayan da aka kawo, kar a biya sai ya sa hannu. Na kusa wata uku ina komawa kan saƙon nan kamar almajiri da allonsa.

Bayan kusan shekara biyu sai nawa lokacin ya zo. Ni karatun mastas ya kawo ni Ingila a 2021, da na gama na samu bizar nan ta waɗanda suka kammala karatu, a lokacin shekara biyu ce kuma ba a sabunta ta, in kana son zama dole ka nemi kamfanin da ke da lasisin ɗaukar nauyin ma'aikaci ɗan ƙasar waje. Namu ba su da shi, kuma sun faɗa min gaskiya tun wuri. Allah ya taimake ni na samu wani wuri a Manchester, na ba da notis na wata ɗaya kamar yadda takardar ɗaukar aikina ta ce, babu faɗa babu tsiya.

Abin da ban gane ba sai da na zauna rubutawa shi ne imel ɗin kansa ba shi ne handoba ba, wato bayanin miƙa aiki ga wanda zai gaje ka. Handoba takarda ce daban, tawa shafi shida ce, na yi sati biyu ina tara ta, na ajiye ta a inda duk 'yan sashenmu ke iya buɗewa. Imel ɗin alamar hanya ce kawai, ya nuna wa mutum ƙofar da zai buga in ya zo bai same ka ba. Kuma ba ɗaya ake yi ba, biyu ne, ɗaya na 'yan cikin gida ɗaya na mutanen waje, wato dilolin da muke biya. Na wajen nan sai da manajata ta karanta kafin ya fita, kuma babu komai a ciki sai ranar da zan tafi da adireshin da za su dinga aiko takardun neman biya, ban faɗi inda zan koma ba, ban sa lambata ba.

Wajen jera sunayen waɗanda za a tuntuɓa na fara cin tuntuɓe. A zubin farko na rubuta sunan mutum uku na ce a neme su in da matsala, manajata ta duba ta ce matsala wacce iri? Mai karatu ba mutum yake nema ba, aikinsa ne ya tsaya, to ka fara da aikin sannan sunan. Na sake zubi. Biyan da muke yi duk Alhamis, wance ce za ta riƙe, kuma duk takardar da ba ta shigo kafin sha biyun ranar Talata ba sai wani satin. Duk abin da ya haura fam dubu biyar, manaja ce ke sa hannu kamar kullum. Dilan da ya ce ya canza asusun banki, wane ne zai duba, kuma ba a canza komai sai an kira tsohuwar lambar da ke cikin fayil ɗinmu, ba lambar da ke jikin saƙon ba, dan ta nan 'yan damfara ke shigowa. Sai takardu uku da na tsayar ban biya ba, kowacce da lambarta da dalilinta a layi ɗaya, ɗaya ta fam dubu ɗaya da ɗari takwas da aka aiko sau biyu, in ba a faɗa ba wani sabo zai zo ya biya duka biyun da zuciya ɗaya.

Tuntuɓe na biyu ya fi ban kunya. Na sa sunan wani abokin aikinmu a matsayin mai riƙe biyan Alhamis ban ko tambaye shi ba, ni a ganina ai shi ya fi kowa sanin aikin. Ashe bawan Allah ya ɗauki hutun sati biyu daga Litinin ɗin, yana nan ɓaro ɓaro a kalandar ofis ni ne ban duba ba. Da saƙon ya fita haka, da duk mai nema sai ya aika masa ya samu amsar ba ya nan, ya aiko min ya samu amsar na tafi, ya tsaya a tsakiya. Tun daga nan duk sunan da na sa sai da na je teburin mai shi na ce zan sa sunanka kan kaza, ka yarda? Kuma a kowane layi na ƙara adireshin akwatin saƙon sashe wanda mutum huɗu ke buɗewa, sabo da shi ma wanda ka bar wa aikin gobe yana iya tafiya.

Amma duk wannan ba shi ya hana ni barci ba, rufewar ce. Na rubuta da Turanci abin da kowane Bahaushe zai faɗa, cewa duk wanda na ɓata wa rai da sani ko ba da sani ba ya yafe min, ni ma na yafe wa kowa. Na nuna wa wata 'yar Poland da teburinmu ke haɗe, ta karanta ta ɗago ta dube ni ta ce me ya faru, wa ka yi wa laifi, kuma wa ya yi maka da har kake yafe masa? Ta ce in wannan ya fita, kafin azahar 'yan sashen ma'aikata za su kira ka su tambaya ko akwai ƙorafin da ba ka shigar ba. Na yi dariya amma abin ya tsaya min a rai, dan ni a wurina tafiya ba neman yafiya kamar fita ne ba a rufe ƙofa ba.

Da daddare na kira wani dattijo da muke sallah tare, Bahaushen zangon Kumasi ne, ya fi shekara talatin a ƙasar nan. Na ce Baba, mutanen nan fa sun ce in cire yafiyar. Ya ce ɗana, yafiya ai ba a neman ta a kan allo gaban mutum sittin, ko a gida ma wanda ka san ka taka shi kake samu ka riƙe hannunsa. Ya ce a takarda ka yi musu godiya irin wadda suke ganewa, ka ambaci abu ɗaya na gaske da suka yi maka, sauran ka bi da ƙafa.

Haka ko na yi. Na goge dogon yabon da na jero wa shugabanni ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, nan kowa da sunansa tsura ake kiransa har mai kamfanin, abin da ya ɗauke ni wata shida kafin bakina ya saba. Na rubuta cewa na zo wurin nan ban san ko yadda ake cewa a'a a waya ba tare da ba da haƙuri sau uku ba, na gode da haƙurin da aka yi da ni, kuma na gode wa waɗanda suka bar min ƙaramin ɗakin taro duk azahar ba tare da na taɓa roƙo sau biyu ba, da waɗanda suka dinga matsar da taron yamma lokacin azumi. Na ce akwai cincin a kicin, wanda ya makara ya rasa. Sai imel ɗina na kaina ga mai son zumunci.

Ƙarfe goma na safe na aika, ba da yamma ba, wannan ma darasi ne daga wani da ya tura nasa saura minti goma a tashi, mutane suka yi ta amsawa ranar Litinin cikin akwatin da an riga an rufe. Sunayen kuma a `Bcc` na zuba su, layin da ke ɓoye adireshin kowa daga idon sauran, in ba haka ba mutum ɗaya ya danna `Reply All` amsarsa ta je wa kowa da kowa shi ke nan kowa ya wuni yana goge fatan alheri. Na saita amsar kai tsaye mai ɗauke da jerin nan na waɗanda za a tuntuɓa, na sauke takardun albashina tun ina da damar shiga, na tabbatar suna da adireshin da za su aiko min `P45`, takardar nan da ke nuna abin da ka samu da harajin da aka cire maka a shekarar, wadda sabon wurin aiki ke nema dan kar a yanke maka haraji ba daidai ba. Ban tura wa kaina ko fayil ɗaya na kamfani ba, har handobar da na rubuta da hannuna, tasu ce.

Na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da amsa sun fi ashirin. Wani direba da muka taɓa yin cacar baki kan rasit ɗin mai da ya ɓatar bai amsa ba. Wajen ƙarfe huɗu na sauka gareji na same shi yana goge gilashin mota, na ce masa ranar nan na ɗaga maka murya, ban kyauta ba. Ya tsaya yana kallona da tsumma a hannu, ya ce shi fa har ya manta, kuma rasit ɗin ma daga baya ya gan shi a aljihun rigar sanyinsa. Muka yi musabaha. Biyar saura na miƙa laftof da katin shiga, mai gadi ya buɗe min ƙofa da nasa katin, na fita da robar cincin ɗin babu ko ɗaya a ciki.