Farar riga a jikin katangar ƙasa: inda na kai a yanke hoto

'Yan'uwa masu koyon zane a waya, aikin wannan makon takardar sanarwa ce ta walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya da ke ƙauyenmu, nan gefen Kazaure. Hoton malamin makarantar za a sa a tsakiya. Yana sanye da farar riga da hula, an kuma ɗauke shi yana tsaye a jikin katangar jar ƙasa. Irin hoton da ya fi zuwar mana ke nan a karkara, shi ya sa na ga ya dace mu tsaya a kansa.

Kafin na taɓa komai sai da na ce a sake turo hoton ta WhatsApp a matsayin Document. Idan aka turo shi yadda aka saba, matse shi ake yi, gefen kafaɗa da na hula su dushe, ka rasa inda mutum ya ƙare bango ya fara.

Da manhajar Background Eraser na yi yankan. Auto yana bin launi ne: inda ka ɗora shi, duk abin da ya yi kama da launin wurin sai ya share. A gefen farar rigar ya yi aiki tsaf, domin fari da jar ƙasa ba su haɗa komai ba. Amma kalar katangar ta yi kusa da ta fatar mutum, don haka da ka matso wajen fuska zai cinye kunne da gefen wuya. A can sai Manual, ka zuƙo hoton sosai, ka rage girman magogin, ka bi a hankali. Inda ka yi ɓarna, Repair zai dawo da shi. Kada a manta da ɗan wurin da ke tsakanin hannu da jiki, da cikin zagayen carbi, nan katanga take ɓuya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne wani siririn jan layi da ya zagaye rigar bayan an gama sharewa. Dalilinsa, ɗigon da ke bakin gefen ba fari ba ne zalla, ba kuma ja ba ne, gauraye ne na riga da katanga, shi ya sa Auto yake tsallake shi. A kan bangon nan mai gida-gida na manhajar ba ya fitowa sosai. Ka sauya bayan zuwa mai duhu, ka sake dubawa a kan mai haske, nan take zai bayyana kamar an ja wa malam kwalli a kafaɗa. Maganinsa ka ɗan shiga cikin rigar da magogi, kaurin zare ɗaya kawai, sannan a shafin ƙarshe ka sa Smooth a kan 2. Idan ka kai shi ƙarshe yana cin gefen hula da yatsu. Sai a adana shi a PNG, domin JPG ba ya riƙe wurin da aka share, cike shi yake yi da launi.

Akwai jan da gogewa ba ta fitar da shi. Tunda malam ya jingina da katangar, hasken da ya dawo daga jikinta ya rina kafaɗar rigar kanta. Da a ce ya matso taku biyu ko uku gaba, a cikin inuwa, da ba a samu wannan ba. Yanzu duk wanda zai kawo mini hoto, wannan nake fara faɗa masa.

A manhajar zane ta PixelLab na buɗe shafi a girman A5, wato milimita 148 da 210. Don bugu mai kyau, ɗigo 300 a kowane inci, lambobin da za ka rubuta su ne 1748 da 2480. Masu walimar sun so farin bango, na ce a'a, farar riga a kan fari narkewa za ta yi, a ga kai da hannuwa kawai. Na sa kore mai duhu, #0B5D3B. Shuɗi mai haske ma na gwada, amma shi ya fi tona jan kafaɗar.

Hoton tsayuwa ne zuwa gwiwa, don haka na sauke shi har ƙasansa ya ɓuya a bayan faifan da ke ɗauke da rana da wurin taro. In ba haka ba sai ka ga mutum yana lilo a iska. Wajen ƙara masa girma, ta kusurwa ake ja, in ka ja ta gefe fuska za ta baje. Na sa masa Shadow kaɗan mai laushi, wanda sai an lura ake gani.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kazaure a buga mini gwaji guda ɗaya kafin a buga sauran, saboda kore mai duhu yakan ƙara duhu a takarda fiye da yadda waya take nuna shi. In ya rufe, zan ɗan haskaka shi kafin a saki injin.